Wasiƙa kan ragowar kuɗin fulawa da sukari

Kasuwar Singa, Kano
Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Alhaji mai gidan burodi, Kurna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata baki ɗaya. Ina jajanta maka ƙonewar injin kwaɓa, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri.

Alhaji, kan maganar da muka yi a waya ne, da ka ce ragowar kuɗin nan ba za su samu a dunƙule ba. Na ji, na kuma yarda da uzurinka. Ga lissafin yadda yake a littafina, ka duba da naka. Ranar 2 ga Satumba, a takardar kaya mai lamba 0417, ka ɗauki fulawa buhu 30 a kan naira 60,000 kowane buhu, sukari buhu 6 a kan 80,000, da bota bokiti 4 a kan 30,000. Jimla naira 2,400,000, a kan za a biya cikin sati biyu. Ka turo 600,000, saura 1,800,000.

Ga abin da zan iya. Ka kawo 300,000 zuwa ranar Asabar, 18 ga Oktoba. Ragowar 1,500,000 kuma mu raba su gida goma, 150,000 duk Asabar, daga 25 ga Oktoba har 27 ga Disamba, a rufe littafi kafin shekara ta fita.

Da gangan na sa biyan sati-sati. Kuɗin burodi kullum suke shigowa, kaɗan-kaɗan, daga hannun masu shayi da masu kanti, kuma kafin wata ya cika itace da man janareto da sallamar yara sun cinye su. Cire 150,000 daga cinikin kwana bakwai ya fi sauƙi a kan a wayi gari ana neman 600,000 a ƙarshen wata. Ga sanyi na tafe, ka fi ni sanin yadda teburin mai shayi yake cika a Disamba. Ni ma a nawa ɓangaren sati ya fi mini, don dilan da nake ɗaukar fulawa a wurinsa ba ya jira na wata guda, kuma abin da ke hannunka kaso ne mai tsoka na jarina.

Ko kwabo ba zan ɗora ba saboda jinkiri. Wannan riba ce, kuma aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Haka nan ko farashin buhu ya hau ko ya sauka, bashin yana nan a 1,800,000 ɗinsa. Idan Allah ya hore ka biya fiye da na sati, sai mu rage daga na ƙarshe. In kuma akwai sukarin da ba a farke ba, bai sha danshi ba, dawo da shi, zan karɓa a farashin da na ba ka, a cire daga bashin.

Sabon kaya ba zan hana ka ba, domin in tanda ta huce babu inda kuɗina za su fito. Sai dai har a gama biya, kuɗi hannu ne.

Biyan ta asusun da ka saba turowa, ka aiko da shaidar taransifa, ni kuma da na ga alat zan rubuta rasit mai nuna abin da ya rage. In tsaba ne, a damƙa mini hannu da hannu a shago, kada a ba yaro a hanya.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan ka ga wani sati ba zai yiwu ba, kira ni tun ranar Alhamis, sai mu matsar da shi ƙarshen layi. Shiru ne ba na so. Idan aka tsallake Asabar biyu a jere babu kuɗi babu bayani, dole mu zauna da shaidu a sake duba maganar.

Rubutun nan ba don ina shakkarka ba ne. Rai a hannun Allah yake, kuma aya ta 282 a surar ta ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Na aiko da kwafi biyu. In tsarin ya yi maka, ka sa hannu, ka zo da mutum ɗaya ni ma in kawo ɗaya, mu haɗu a shago ranar Juma'a, 10 ga wata, bayan an sauko daga masallaci. In kuma 150,000 ta yi nauyi, faɗa mini adadin da ka tabbata za ka iya kafin ranar, a gyara takardar tun ba a sa hannu ba.

Allah ya buɗa mana kasuwa. A gaida mutanen gida.

Naka,
Bala mai fulawa