Roƙon gaggawa: a janye canjin `retry` da ya fita a siga ta 3.4.1

Assalamu alaikum Malam Bashir,

Da fatan kana lafiya. Na buɗe `pull request` mai lamba #418 domin janye canjin da aka haɗe ta #402 ranar Litinin, kuma ina roƙon ka duba shi yau idan da hali, domin matsalar tana ɓata bayanan masu amfani da laburaren.

A da, `shouldRetry()` ba ya sake tura buƙata sai irin wadda maimaita ta ba ya canza sakamako, wato `GET`, `HEAD`, `PUT` da `DELETE`. Canjin ya cire wannan sharaɗi, don haka yanzu har `POST` ake sake turawa da zarar lokacin jira ya ƙare. Ƙarewar lokacin jira kuwa ba ta nuna cewa saba ba ta karɓi buƙatar ba; sau da yawa ta riga ta kammala aikin, amsar ce kawai ta makara. A gwajin da na saka cikin #418, na sa saba ta jinkirta amsa da daƙiƙa 12 alhali iyakar jira daƙiƙa 10 ce, sai oda ɗaya ta shiga rumbun bayanai sau 3, kuma babu wani saƙon kuskure da ya fito. Na bi sawun matsalar da `git bisect --first-parent`, ya tsaya a kan `9f3c2ab`, wato inda aka haɗe #402.

Abin da ya sa ba zai jira ba shi ne, canjin ya fita a matsayin ƙaramin gyara, saboda haka duk wanda ya rubuta `^3.4.0` a `package.json` zai samu 3.4.1 idan ya yi `npm update`, ko ya girka ba tare da `package-lock.json` ba. Kullum sigar na ƙara yaɗuwa, kuma wanda aka ninka wa oda ko biyan kuɗi sai ya bi bayanansa ɗaya bayan ɗaya ya gyara da hannu.

Ban taɓa komai ba in ban da wannan umarni da gwajin da na ambata:

```
git revert -m 1 9f3c2ab
```

Ba a sake rubuta tarihin `main` ba, kuma duk gwaje-gwaje sun wuce. Manufar #402 mai kyau ce, amma a ganina gyaran na gaskiya, wato a bar sake tura `POST` ya zama zaɓin da mutum zai kunna da kansa, yana buƙatar tattaunawa a tsanake. A lura dai, idan za a dawo da aikin, sai an fara janye wannan janyewar, in ba haka ba `git` zai ɗauka cewa an riga an haɗe reshen.

Idan ka amince, ina ba da shawarar a fitar da 3.4.2 nan take, sannan a yi wa 3.4.1 alamar gargaɗi da `npm deprecate`. Zan kasance kusa har dare idan akwai abin da kake son in canza.

Na gode ƙwarai,
Hauwa