Takardar Kiran Zama Kan Yarjejeniyar Albasar Bana

Meskin, Marwa
Litinin, 29 ga Disamba, 2025

Zuwa ga Alhaji, shugaban 'yan kasuwar albasa masu lodi zuwa Duwala.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya kasuwa, ya iyali? Allah ya ƙara buɗi.

Kwamitin ƙungiyarmu ta manoman albasa ya umarce ni in sanar da ku cewa an sa ranar zama kan yarjejeniyar bana. Za a zauna ranar Asabar, 10 ga Janairu, 2026, da ƙarfe 9 na safe, a rumfar da ke gaban siton ƙungiya nan Meskin. Za a tashi sallar Azahar, a ci abinci, a dawo, a rufe kafin La'asar. Mun kauce wa Litinin saboda ranar babbar kasuwar Marwa ce, kowa na can. In ba a gama ba, a ƙarasa ranar Laraba 14 ga wata. So muke a sa hannu tun kafin azumi, wanda muke sa ran kamawarsa bayan tsakiyar Fabrairu.

Alhaji, ka yi mana haƙuri da maganar da za ta biyo baya. Bara mun wuni muna ciniki da yaran da aka turo mana, har aka kai ga sallamawa, sai babbansu ya miƙe ya koma gindin darbejiya da waya a kunne, ya dawo ya ce sai ya ji daga sama. Kwana 9 muna jira, albasa na jibge a rana, ta ƙasa ta fara ruwa. Bana kam ba ma son haka. Roƙonmu shi ne ka zo da kanka. In tafiya ta hana, wakilinka ya zo da takarda mai sa hannunka, wadda ta faɗi ƙarara cewa yana da ikon yanke farashi da karɓar sharaɗi. Wanda ya zo ba takarda za mu ba shi tabarma da shayi, amma ba za a buɗe ciniki ba.

A ɓangarenmu mutum uku ne ke da ikon yankewa: shugaban ƙungiya, da ma'aji, da shugabar mata manoma. Sai biyu cikinsu sun yarda magana ta zauna, kuma shugaba da ma'aji ne za su sa hannu. Babban taron ƙungiya ya yanka musu iyakar da ba za su sauko ƙasa da ita ba. In tayinku bai kai can ba, sai su ce albarka, maganar ta koma gaban taro. Ni nawa rubutu ne kawai. Dillalai na iya zama su saurara, a tambaye su in an bukata, amma ba su da bakin sallamawa. Wakilin Lawan zai zauna a matsayin shaida.

Abin da za a fara da shi shi ne girman buhu, tun kafin a taɓo kuɗi. Nan ne rigima take kowace shekara: a yi ciniki kan buhu, ranar lodi kuma a zo da wanda ake dannawa har ya yi tozo, a ɗinke masa hula. Ku zo da irin buhun da za ku yi lodi da shi, mu cika ɗaya a gaban kowa, mu ɗora a sikeli, a rubuta nauyinsa cikin yarjejeniya. Daga nan sai farashi, da yawan kaya. Muna iya alkawarin buhu 1,200 daga Maris zuwa ƙarshen Afrilu.

Sai maganar biya. Muna neman kafin alƙalami na kashi 30 cikin 100, sauran kuma a biya kafin mota ta tashi, ko hannu da hannu ko ta asusun ƙungiya. Za a kuma tsayar da wanda zai ɗauki kuɗin buhu, da na 'yan dako, da la'ada.

Akwai batun ruɓa. Ra'ayinmu shi ne a tsince kaya a nan, a gaban mutuminku. In mota ta kama hanyar Garwa da Gaundare, abin da ya same ta ya bar wuyan manomi. Mun san kuna da ja a kan wannan, ku zo da hujjarku. Na ƙarshe, inda za a kai ƙara in an saɓa.

Bashin takin da ke kan wasu 'yan ƙungiya ba ya cikin wannan zama, za a sa masa rana daban.

Za a rubuta yarjejeniyar da Faransanci, a karanta ta da Hausa da Fillanci kafin kowa ya sa hannu. Kowane mai sa hannu ya riƙo katin shaidarsa. Muna jiran amsarku da sunayen masu zuwa, kada su wuce mutum 4, zuwa ranar Litinin 5 ga Janairu, ta hannun wanda ya kawo wannan takarda.

Allah ya kai mu, ya sa a yi a sa'a. Wassalam.

Naku,
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti