Saƙonnin Shugaba da Wasiƙar da Za Mu Kai Banki

Ranka ya daɗe Shugaba, barka da asuba. Na saurari saƙonnin murya da ka turo jiya bayan isha'i, na kwafe su yadda ka faɗa, sannan na fitar da wasiƙar daga cikinsu. A duba kafin a sa hannu.

Na farko, ka ce: "Sakatare, kana ji na? Mutanen nan na banki ka rubuta musu. Kuɗin rani muke so. Amma su faɗi gaskiya nawa ne ruwan, kada su yi mana irin ta waɗancan. An ce miliyan goma, da muka je cira sai tara da 'yan kai, wai kuɗin fom, wai kuɗin kaza."

Na biyu: "Sai maganar biya. Shinkafa ba ta ba da kuɗi duk wata. In wata-wata suke so su riƙe abinsu. Kuma in ruwa ya ci gona ko tsuntsu ya sauka, wa zai biya?"

Na uku: "Au, na manta. Dattawanmu sun ce ba sa taɓa kuɗin ruwa, ka tambaya ko akwai na Musulunci. Takardar gona kuma ba mu da ita, gado ne da haya. Taki ma in su za su kawo, kada ya zo shinkafa ta riga ta yi ciki."

Na cire zancen waɗancan mutanen, domin wannan bankin bai yi mana laifi ba tukuna, kuma in manaja ya ga mun fara da ƙorafi zai ɗauka akwai bashin da ya maƙale mana. Damuwar dai tana nan, na mayar da ita tambaya ta biyu. "Su riƙe abinsu" ma na bar ta a gida. Na ƙara yawan mambobi da eka da adadin kuɗin daga littafin taron da ya gabata, don ba za su iya ba mu lissafi ba sai sun san girman abin. Wasiƙar ba ta ɗaure mu da komai, bayani kawai muke nema.

Ga ta:

Ƙungiyar Manoman Shinkafa,
Ƙaramar Hukumar Kura, Jihar Kano.
Litinin, 6 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga Manajan Sashen Bashin Noma,
Reshen Kura.

Yallaɓai,

NEMAN BAYANI KAN BASHIN NOMAN RANI NA 2026

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu ƙungiyar manoma ce mai rajista da gwamnatin Jihar Kano, muna da mambobi 58 da ke noman shinkafa a eka 120 cikin filayen ban-ruwa na Kadawa, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga. Muna tunanin neman bashin naira miliyan 42 don noman rani mai zuwa, wato naira 350,000 a kowace eka. Kuɗin za su tafi a iri (FARO 44), takin NPK da yuriya, maganin ciyawa, huɗa, dashe, ƙwadago da kuɗin ban-ruwa da ake biyan Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are.

Kafin mambobi su yanke shawara, muna roƙon ku ba mu amsar waɗannan tambayoyi a rubuce.

1. Kashi nawa ne kuɗin ruwanku, a wata ko a shekara? Kuna lissafa shi a kan jimillar bashin har ƙarshen wa'adi, ko a kan abin da ya rage bayan kowane biya?

2. Waɗanne kuɗaɗe ake cirewa ban da ruwa, kamar kuɗin fom, kuɗin gudanarwa, na lauya, na duba gona ko ajiyar dole? Muna so ku yi mana misali da naira miliyan 42: nawa zai shiga asusunmu a ranar da aka saki kuɗin, nawa kuma za mu mayar gaba ɗaya a ƙarshe. Lambobi biyun nan su za mu karanta wa mambobi a taro.

3. Muna zuba iri a Janairu zuwa farkon Fabrairu, mu yi girbi a Mayu da Yuni. Kafin nan babu kuɗin da ke shigowa daga gonar, kuma shanshera kan yi arha a lokacin girbi. Za ku yarda a biya gaba ɗaya, ko kashi biyu, daga ƙarshen Yuli? Idan wani ya biya kafin wa'adi, ana rage masa ruwa ko akwai tara? Nawa ne tarar jinkiri, kuma daga wace rana take fara hawa?

4. Akasarin gonakin mambobinmu gado ne ko haya, ba su da takardar mallaka ta gwamnati. Wace jingina kuke karɓa a madadinta? Kuna amincewa da shaidar dagaci ko hakimi, ko ajiyar ƙungiya, ko mambobi su tsaya wa juna? Idan tsayawa juna ce, a fayyace mana: mutum ɗaya ya gaza, ƙungiya ce duka za ta biya, ko rukuninsa kaɗai? Muna kuma son sanin ko bankinku na ba da bashi ƙarƙashin Asusun Lamunin Bashin Noma na Babban Bankin Najeriya, wanda ke ɗaukar har kashi 75 cikin 100 na abin da aka kasa biya, da kuma ko hakan na sassauta sharaɗin jingina.

5. Wasu mambobinmu ba za su karɓi bashi mai ruwa ba. Kuna da tsarin da babu ruwa, kamar murabaha, inda banki zai sayi kayan noma ya sayar mana da ribar da aka sani tun farko, ko salam, inda za ku biya kuɗin shanshera yanzu mu kawo ta bayan girbi? Idan akwai, za a iya raba buƙatarmu gida biyu?

6. Kuɗi za ku ba mu a hannu ko kaya? Idan kaya ne, wa ke zaɓen dila, a wane farashi, kuma me zai faru idan taki ya makara? Muna buƙatar iri da takin farko su iso kafin 15 ga Janairu.

7. Inshora dole ce? Idan haka ne, ta hukumar inshorar noma ta tarayya ce ko ta kamfani, kuma nawa ake biya a kowace eka? Muna so a lissafo mana asarar da ta ƙunsa, musamman ambaliya, yankewar ruwan kanal, cuta da tsuntsayen jan-baki, da kwanakin da aka ba manomi ya kai rahoto.

8. Waɗanne takardu za mu kawo, kuma kwana nawa ake ɗauka daga miƙa su zuwa sakin kuɗi? Muna da takardar rajista, tsarin mulkin ƙungiya, jerin mambobi da lambobinsu na BVN da NIN, da bayanin asusunmu na shekara biyu.

Babban taronmu zai zauna ranar Asabar, 25 ga Oktoba, da ƙarfe goma na safe a ofishin ƙungiya. Za mu ji daɗi idan amsarku ta iso kafin 20 ga wata, tare da kwafin yarjejeniyar da kuke ba masu karɓar bashi su sa hannu. Idan zai yiwu jami'inku ya halarci taron ya yi bayani da Hausa, muna maraba da shi. Ana iya ba sakatarenmu amsar hannu da hannu, yana zuwa reshenku kowace Alhamis don zuba kuɗin mambobi.

Mun gode. Allah ya ƙara girma.

Naku,
Shugaba da Sakatare,
a madadin dukkan mambobin ƙungiya.