Takardar sanarwa kan gyaran agogo a tafiyar Legas zuwa Singafo

Litinin, 3 ga Maris 2025
Daga hafsa na biyu, da izinin Kyaftin
Zuwa ga ɗaliban tuƙi da na inji da suka hau jirgi a Apapa, da sauran 'yan'uwa ma'aikata masu jin Hausa

Assalamu alaikum. Ƙannena, yau da yamma muke barin Apapa in Allah ya yarda. Tsakaninmu da Singafo akwai mil na ruwa kamar 8,200 ta ƙasan Afirka ta Kudu, kuma da gudun mil 14 a awa muna sa ran isa ranar Juma'a 28 ga wata. Agogon Legas yana gaban UTC, wato lokacin Greenwich da duniya ke auna agogo da shi, da awa 1, na Singafo da awa 8. Ke nan awa 7 za mu ƙara wa agogon jirgi kafin mu isa, kuma ba a dare ɗaya ba. Mafi yawanku wannan ce doguwar tafiyarku ta farko, don haka na ga ya dace ku san dalilin abin, kada ku tsaya ga bin jadawalin da ke jikin allo kawai.

Duniya tana juya digiri 360 a awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, digiri ɗaya a minti 4. Wanda yake tafiya gabas yana tarar rana ne, tana fito masa da wuri fiye da jiya. A doron ƙasa kowace gwamnati tana zaɓar lokacin da ya yi mata. A tsakiyar teku babu gwamnati, sai aka yanka duniya gida-gida bisa layukan longitud, waɗanda suka sauko daga arewacin duniya zuwa kudancinta. Kowane gida faɗinsa digiri 15. Gidan farko ya sa layin Greenwich a tsakiyarsa, ya kama daga digiri 7 da rabi yamma zuwa 7 da rabi gabas, kuma lokacinsa shi ne UTC, harafinsa Z. Daga 7 da rabi zuwa 22 da rabi gabas gidan A ne, awa 1 gaba. Sai B daga 22 da rabi zuwa 37 da rabi, haka har M, amma ana tsallake J. Ta yamma kuwa daga N ne zuwa Y. Tun 1884 aka amince da Greenwich a matsayin mafarin ƙidaya a taron Washington, tsarin gidajen lokaci na teku kuma ya fito ne daga taron Ingila da Faransa da aka yi a Landan a 1917. Kafin nan kowane jirgi da tsakar ranarsa yake saita agogo, kullum sai an taɓa shi da 'yan mintoci.

Lissafin ba wuya. Ku raba longitud da 15. In ragowar ba ta kai 7 da rabi ba, adadin da ya fito shi ne gidanku. In ta wuce, ku ƙara ɗaya. Digiri 50 gabas ya ba da 3 saura 5, gida na uku ke nan. Digiri 55 ya ba da 3 saura 10, an shiga na huɗu. Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne alamar da ake rubutawa a littafin jirgi. Waya tana nuna UTC+3, amma mu a littafi ZD -3 muke sa wa, domin lambar tana faɗa maka abin da za ka yi wa agogon jirgi ne ka koma UTC: ka cire uku. Gabas ragi, yamma ƙari. Zan tambayi kowannenku wannan a ɗakin tuƙi kafin mu kai Kef Tawun.

Ku lura kuma cewa ƙasa ba dole ta bi gidanta ba. Legas tana wajen digiri 3 da ɗoriya gabas, a lissafi cikin gidan Z take, amma Nijeriya duka UTC+1 take bi. Singafo tana kusa da digiri 104, gida na bakwai, amma awa 8 take bi. Jirgi in yana tasha lokacin ƙasar yake bi, in yana teku kuma Kyaftin ne mai yanke lokacin da za a juya agogo. Layin longitud shawara yake ba shi.

Ga abin da ya yanke. Duk inda na ce dare, ina nufin daren ranar da na ambata wayewar ta gaba. Za mu riƙe agogon Legas har mu wuce Kef Tawun da Ras Agulas, domin hanyar kusan kudu take yi. Sannan:

Talata 11 ga Maris, wayewar Laraba: UTC+2
Juma'a 14, wayewar Asabar: UTC+3
Litinin 17, wayewar Talata: UTC+4
Laraba 19, wayewar Alhamis: UTC+5
Juma'a 21, wayewar Asabar: UTC+6
Lahadi 23, wayewar Litinin: UTC+7
Talata 25, wayewar Laraba: UTC+8

Ukun farko suna tafiya kusa da layukansu. Huɗun ƙarshe an gaggauta su da gangan. Kyaftin yana so a gama taɓa agogo kafin mu shiga mashigin Malaka, inda jirage suke cinkoso, masunta suna ratsawa, kuma kowa yana buƙatar cikakken barcinsa. Ina ganin wannan shi ne daidai, ko da yake yana da tsadarsa: ranar 26 rana ba za ta tsaya tsaka ba sai agogon bango ya kusa ƙarfe 2. In iska ta rage mana gudu, ranakun za su iya matsawa, kuma za a sanar a lasifika da kan allon ɗakin cin abinci tun da rana.

Awar ba duti ɗaya za ta faɗa wa ba. Uku za a raba ta, minti 20 kowanne. Masu dutin 8 zuwa 12 za su ciyar da agogo gaba daga 23:00 zuwa 23:20. Masu 12 zuwa 4, wato ni da wanda ke tare da ni, daga 02:00 zuwa 02:20. Masu 4 zuwa 8 daga 05:00 zuwa 05:20. Kowa zai tsaya awa 3 da minti 40, kowa kuma barcinsa zai ragu. Ranar da za mu juyo yamma abin zai koma baya, kowa ya tsaya awa 4 da minti 20. Adalci ke nan tsakanin abokan aiki, kuma ba na son jin an ce wani ya ci mintocin wani. Babban agogo yana ɗakin tuƙi, daga gare shi na ɗakin inji da na kicin da na baranda suke karɓar lokaci. Hafsan da ke duti kaɗai ke taɓa shi, ya kira ɗakin inji a waya su daidaita, sannan kowane ɓangare ya rubuta a littafinsa. Wanda ya ga agogon wani ɗaki ya ƙi bi, ya faɗa wa mai lantarki, kada ya sa hannu.

Akwai agogunan da ba a gyarawa ko kaɗan. Kuronomita, wanda ke kwance cikin akwatinsa a ɗakin taswira, a kan UTC yake daga farkon tafiya har ƙarshe. Ko ya yi gaba ko baya da daƙiƙa biyu ba a juya shi, ana rubuta kuskuren ne kullum a littafinsa. Dalili shi ne da shi muke gane longitud in na'ura ta mutu: bambancin tsakar ranar inda kake da lokacin Greenwich shi ne nisanka gabas ko yamma. Kuskuren daƙiƙa 4 a agogo ya kai kuskuren mil ɗaya a kusa da layin da ya raba duniya biyu. A kan wannan John Harrison, maƙerin agogo ɗan Ingila, ya ƙarar da rayuwarsa, har aka gwada agogonsa na huɗu a tafiyar Jamaika da aka fara a 1761. Haka littafin rediyo na GMDSS, wato tsarin kiran agaji na jiragen ruwa, da saƙon neman agaji, da hasashen yanayi, duk da UTC ake yinsu. Jirage biyu za su iya giftawa da juna a wuri ɗaya agogon bangonsu ya bambanta da awa biyu, to in za a kawo ɗauki da wane za a yi aiki? Saboda haka duk lokacin da kuka rubuta, ku nuna na jirgi ne ko UTC.

Ɗaliban da za su taya ni rahoton tsakar rana, ku tuna daga tsakar rana zuwa ta gobe awa 23 ce a ranar gyara. Mil 322 za mu ci maimakon 336. In kuka raba da 24, gudu zai fito ƙasa da gaskiya, lissafin mai ma ya karkace, ofis kuma ya fara tambaya. Takardar hutu ma da awannin gaskiya ake cika ta. Doka ta ce aƙalla awa 10 na hutu cikin kowace 24, da awa 77 cikin kwana bakwai. Awar da agogo ya tsallake ba wanda ya yi barcinta, kada a ƙirga ta.

Wayoyinku ku kashe musu saita lokaci da kansu tun yau. Ranar 11 da safe za mu gifta kusa da Kef Tawun muna kan UTC+1, waya ta kama layin Afirka ta Kudu ta yi tsalle awa ɗaya gaba. Wanda ya fi haɗari shi ne arewacin Sumatra, inda ake bin UTC+7 mu kuwa muna kan 8. Waya za ta koma baya, mutum ya makara da cikakkiyar awa, abokin aikinsa yana tsaye yana jiransa a bakin Malaka.

Sai maganar azumi da salla, wadda na san tana ran da yawanku. Alfijir da faɗuwar rana ba ruwansu da agogon bango. A tekun Indiya za mu riƙa cin digiri 5 zuwa 6 gabas a kullum, wato rana za ta riƙa faɗuwa da wuri da kamar minti 20 ko fiye a kowace rana, sai daren gyara ya mai da ita baya. Kalandar salla ta Kano ko ta Legas da kuka zo da ita ba za ta yi muku aiki a nan ba, jadawalin jiya ma ba zai yi wa yau ba. Kowace rana bayan rahoton tsakar rana zan lissafa lokutan daga matsayin jirgi in liƙa a ƙofar ɗakin salla, da agogon jirgi. A daren gyara zan rubuta lokacin alfijir da sabon agogo, in kuma nuna ko ya faɗi kafin matakin ƙarfe 5 ko bayansa, don mai dafa abinci ya san lokacin sahur. Alƙibla ma za ta yi ta juyawa: arewa maso gabas a Legas, kusan arewa a wajen Kef Tawun, arewa sak in mun kai digiri 40 gabas, sannan ta koma yamma maso arewa a Singafo. Wanda ya ɗauki rangwamen matafiyi, tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abin da nake roƙo shi ne wanda ya ji jiri ko barci a duti ya faɗa.

Iyalanku ku gaya musu tazarar za ta yi ta faɗaɗa. Daga 26 ga wata, ƙarfe 8 na dare a nan ƙarfe 1 na rana ne a gida.

Wani ya tambaye ni jiya game da layin da kwana ke canjawa. A wannan tafiyar ba za mu kai shi ba, yana can digiri 180 a tekun Fasifik, inda gida na sha biyu ya rabu biyu, M mai awa 12 gaba da Y mai awa 12 baya. Mai ƙetare shi zuwa gabas yana maimaita ranar, mai zuwa yamma yana tsallake kwana guda. Ragowar mutanen Magellan da suka zagaya duniya ta yamma sun iso tsibiran Kef Bade a 1522 suna cewa Laraba ce, mutanen gari suka ce musu Alhamis, alhali ba su tsallake rubuta ko kwana ɗaya ba. In umarni ya zo mu wuce Amurka bayan Singafo, zan rubuta muku wata takardar a kan yadda za a cika littafi da takardar hutu a ranar.

Kowane ɗalibi ya sa hannu a kwafin da ke ɗakin taswira kafin dutinsa na gobe. Ranar Litinin 10 ga wata da ƙarfe 1 na rana ɗaliban tuƙi su zo da takarda da fensir, za mu lissafa daren da za mu ƙetare digiri 22 da rabi. Allah ya kai mu lafiya.

Hafsa na biyu