Gyara kan tallarmu ta batir da fitilar sola

Hoto na 1 cikin 6

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu na Damagaram da kewaye. Tallar da shagonmu na kayan sola ya wallafa ranar Talata da ta wuce tana ɗauke da kurakurai guda uku: kuɗin fitila, irin batir, da tsawon lokacin da batirin yake ba da wuta. Laifin namu ne, domin mun saki tallar ba tare da mai shago ko ma'aikacin da ke haɗa kayan sun duba ta ba. Muna neman afuwarku. Mun goge waccan tallar, kuma ga bayanin da yake daidai.

Hoto na 2 cikin 6: kuɗin fitila

Mun rubuta cewa fitila mai caji da hasken rana sefa 700 ce. Kuɗinta na gaskiya dala 700 ne, wato sefa 3,500, ko jika uku da rabi. An faɗi kuɗin da baki a dala, kamar yadda muka saba a kasuwa, sai wanda ya rubuta ya ɗora lambar a sefa, ya manta cewa kowace dala sefa 5 ce.

Hoto na 3 cikin 6: irin batir

Mun kira batirin da ke cikin hoton na litiyom. Ba na litiyom ba ne, batir ne na jel, wato dangin batirin dalma, kuma abin da ke rubuce a jikinsa shi ne 12V 100Ah. A yanzu ba mu da batirin litiyom ko ɗaya a shago.

Hoto na 4 cikin 6: awa nawa yake ɗauka

Wannan shi ne kuskuren da ya fi damunmu, domin zai iya jawo wa mai saye asarar batirinsa baki ɗaya. Mun ce batirin zai riƙe fanka ɗaya mai cin wat 50 da ƙwan fitila uku masu cin wat 10 kowanne har tsawon awa 15. A kan takarda lissafin yana kama da gaskiya: 12 sau 100 ya ba da 1,200, idan aka raba da wat 80 da kayan ke ci a haɗe sai a samu 15. Abin da lissafin ya tsallake shi ne cewa ba a zuƙe batirin jel har ƙarshe. Wanda yake son batirinsa ya daɗe yakan tsaya ne idan ya ci kamar rabin wutar da ke ciki, alhali na litiyom yana jure a ci mafi yawan wutarsa ba tare da ya lalace ba. Saboda haka abin da za a yi amfani da shi 600 ne, wanda ya ba da awa 7 da rabi, kuma idan wutar tana bi ta na'urar da ke mayar da ita irin ta gida, wani kaso yana salwanta a can, sai lokacin ya sauko zuwa wajen awa 6.

Wanda ya bi lissafinmu na farko, yana barin batirin ya mutu kowane dare, zai ga ƙarfinsa ya ragu da wuri. Zafin Damagaram na watannin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi kan haura 40, shi ma yana rage wa irin wannan batir kwana, don haka a ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, ba a ƙarƙashin kwano kai tsaye ba.

Hoto na 5 cikin 6: waɗanda suka riga suka saya

Mutum tara ne suka sayi batirin daga Talata zuwa Alhamis, kuma mun samu shida daga cikinsu ta waya. Duk wanda ya saya saboda ya ɗauka na litiyom ne yana iya maido da shi cikin kwana 14, tare da takardar shaidar biya, a mayar masa da kuɗinsa cif, ko da ya riga ya haɗa shi. Waɗanda suka taso daga Mirriya da Matameye domin fitilar sefa 700 suka koma hannu wofi, za mu biya su kuɗin motar da suka kashe idan suka zo shago.

Hoto na 6 cikin 6

Goge talla a shafinmu ba ya cire ta daga wayoyin da ta riga ta shiga, kuma mun samu labarin cewa hoton yana ci gaba da yawo a WhatsApp. Muna roƙon duk wanda ya tura tsohon hoton ya tura wannan gyaran zuwa wuraren da ya tura shi. Shagon yana buɗe daga ƙarfe 8 na safe zuwa sallar magariba, ranar Juma'a kuma muna rufewa daga ƙarfe 12 har a sauko daga masallaci. Mun gode da haƙurinku.