Amsar Tambaya ta 3: Yadda Iska ke Riƙe Zafin Duniya

Tambaya: Yi bayanin yadda wasu iskoki ke riƙe zafi a sararin samaniya. Fayyace ma'anar matsin makamashi, sannan ka nuna, da misalai, yadda zagayen martani ke ƙara ko rage ɗumamar yanayi. (Maki 25)

Zafin duniya ya dogara ne ga lissafin abin da ke shigowa da abin da ke fita. Idan aka raba hasken rana a kan dukkan faɗin duniya, dare da rana, kowace murabba'in mita tana samun kimanin wat 340. Kusan kashi 30 cikin ɗari gizagizai da ƙanƙara da sauran abubuwa masu haske suna mayar da shi sama nan take. Saura wat 240, wanda ƙasa da teku da iska ke sha. Dole duniya ta fitar da daidai wannan adadin, in ba haka ba zafinta ya yi ta hawa. Hanya ɗaya ce gare ta: fitar da hasken infared, wanda ido ba ya gani. Bisa dokar Stefan da Boltzmann, jikin da ke fitar da wat 240 a murabba'in mita zafinsa digiri 18 ne ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Amma matsakaicin zafin doron ƙasa kimanin digiri 15 ne sama da sifiri. Wannan tazarar ta digiri 33 ita ce abin da ake son a bayyana.

Joseph Fourier ne ya fara nuna a shekarun 1820 cewa iska na da hannu a ciki, John Tyndall kuma ya auna a 1859 ya ga ba kowace iska ba ce. Naitirojin da oksijin, waɗanda su ne kashi 99 cikin ɗari na busasshiyar iska, infared na ratsa su ya wuce. Tururin ruwa, kabon dayoksaid, mitan da naitiros oksaid ne ke shan sa, domin ƙwayoyinsu na da atam uku ko fiye, suna iya lanƙwasa su girgiza daidai da tsawon zangon wannan haske. Kabon dayoksaid ya fi shan wanda tsawon zangonsa ke kusa da maikiromita 15. Abin da suka sha sai su sake fitar da shi ta kowace fuska, wani ya yi sama, wani ya komo ƙasa.

Akan kamanta wannan da ɗakin gilashi na rainon shuke-shuke, amma kamancen bai cika ba. Ɗakin gilashi yana ɗumi ne saboda ya hana iska mai zafi tashi ta fice. Abin da ke faruwa a sararin samaniya ya shafi tsayin da infared ke kuɓuta daga gare shi. A yanzu tsayin nan, a matsakaici, kimanin kilomita 5 ne. Iska kuwa tana yin sanyi da kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita da aka hau. 5 sau 6.5 ya ba mu kusan digiri 33 ɗin nan. Idan aka ƙara kabon dayoksaid, sai an ƙara hawa sama kafin infared ya sami hanyar fita. Can sama ya fi sanyi, abu mai sanyi kuma fitar da makamashinsa kaɗan ne. Sai shige ya rinjayi fice, zafi ya taru, har sai dukkan iskar da doron ƙasa sun ɗumama an koma daidaito.

Girman wannan giɓin da wani abu daga waje ya haddasa, kafin doron ƙasa ya amsa da canjin zafi, shi ne matsin makamashi. Ana auna shi da wat a murabba'in mita, ana kwatantawa da shekarar 1750. Mai alamar tarawa yana ɗumamawa, mai alamar ɗebewa yana sanyayawa. Na kabon dayoksaid ana ƙiyasta shi da ΔF = 5.35 ln(C/C₀), inda ΔF shi ne matsin, C yawan kabon dayoksaid a iska yanzu, C₀ kuma yawansa na farko. Kafin juyin masana'antu yawansa kashi 280 ne cikin miliyan; yanzu ya haura 420. Sanya waɗannan a lissafin ya ba da kimanin wat 2.2. Ninka yawan kabon dayoksaid sau biyu yana ba da kimanin wat 3.7, kuma daga 280 zuwa 560 matsin ɗaya ne da daga 560 zuwa 1120, saboda logaridim ɗin da ke ciki. Akwai masu tura abin baya: ƙurar salfa daga ƙona kwal tana mayar da hasken rana, haka ma aman dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin a 1991 ya sauke zafin duniya da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. Rahoton 2021 na IPCC, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sa jimillar matsin ayyukan ɗan Adam daga 1750 zuwa 2019 a kan wat 2.72.

Bambancin matsi da martani shi ne wanda ya fara. Matsi yana tura yanayi. Martani sai zafi ya canza yake tasowa, sannan ya dawo ya shafi zafin da ya haife shi. Don haka ba a bayyana martani ba sai an rufe zagayen, an koma inda aka faro.

Mafi ƙarfi cikin masu ragewa shi ne martanin Planck: zafi ya ƙaru, duniya ta ƙara fitar da infared, kimanin wat 3.2 a kowane digiri, giɓin ya ragu, hawan zafin ya lafa. Da shi kaɗai ke aiki, ninka kabon dayoksaid zai ƙara kimanin digiri 1.2 ne kawai.

Cikin masu ƙarawa, tururin ruwa ne babba. Kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururi da kusan kashi 7 cikin ɗari. Tururin yana shan infared, zafi ya ƙaru, iska ta sake ɗaukar wani. Duk da cewa ya fi kowace iska riƙe zafi, ana lissafa shi a matsayin martani, domin yakan sauko ruwan sama cikin kwana tara ko goma. Zafin iska ne ke yanke yawansa. Sai na ƙanƙara: sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da sama da kashi 80 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta, buɗaɗɗen teku bai kai kashi 10 ba. Ƙanƙara ta narke, ruwa mai duhu ya bayyana ya sha haske, zafi ya ƙaru, wata ƙanƙarar ta narke. Wannan na cikin dalilan da yankin Aktik ke ɗumama fiye da sauran duniya.

Gizagizai sun fi wuyar sha'ani. Na ƙasa-ƙasa masu kauri suna tare rana, na can sama marasa kauri suna riƙe infared, don haka sakamakon ya danganta da waɗanda suka ƙaru. Su ne babban dalilin da ƙiyasin masana ke da faɗi.

Martani mai ƙarawa ba ya nufin zafi zai gudu ba iyaka, muddin kowane zagaye bai kai wanda ya gabace shi girma ba. Ana rubuta shi ΔT = ΔT₀/(1 − f), inda ΔT₀ shi ne ƙarin zafi kafin sauran martani su shigo, f kason da kowane zagaye ke ƙarawa a kan wanda ya gabace shi, ΔT kuma jimillar ƙarin zafin. Idan ΔT₀ digiri 1.2 ne, f kuma 0.6, zagaye na farko zai ƙara 0.72, na biyu 0.43, a yi ta raguwa har jimilla ta tsaya a digiri 3. Wannan ya yi daidai da ƙiyasin IPCC na 2021 na digiri 3 ga ninka kabon dayoksaid, tsakanin 2.5 da 4. Da f zai tashi zuwa 0.7 kawai, amsar za ta koma digiri 4.