Takardar neman gurbi a shirin sanin makamar aiki na banki

Unguwar Mabera,
Sakkwato,
Jihar Sakkwato.
14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga:
Shugaban Sashen Kula da Ma'aikata,
Ta hannun Manajan Reshe,
Reshen Titin Kano, Sakkwato.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

NEMAN GURBI A SHIRIN SANIN MAKAMAR AIKI NA ƊALIBAI

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ku ba ni gurbi a shirin sanin makamar aiki na wata uku da bankinku ya sanar domin ɗaliban ajin ƙarshe. Sunana Nafisa Umar, ɗalibar aji huɗu a Sashen Akanta na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Matsakaicin makina zuwa zangon da ya wuce 4.21 ne cikin 5, kuma na ci mataki na ɗaya da na biyu na jarrabawar ATS ta hukumar akantoci ta ICAN. In an ba ni zaɓi, ina so a sa ni a sashen ba da rance ga ƙananan 'yan kasuwa, ko kuma sashen da ke daidaita lissafin reshe kullum bayan an rufe kanta.

Dalilin wannan zaɓi yana da alaƙa da aikin da nake yi a gida. Tun ina aji ɗaya nake riƙe wa kawuna littafin ciniki. Ɗan kasuwar albasa ne, yana saro ta daga wajen Gada da Goronyo, wata ya loda ta zuwa Legas da Onica, wata ya ajiye a rudu har ta yi daraja. A da duk lissafinsa yana kansa ne da wani ɗan littafi na aljihu. Da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, dole shi da abokan cinikinsa suka koma taransifa, sai lissafin ya fi ƙarfin littafin aljihu. Kuɗin mota guda kan shigo gutsure-gutsure, wani da sunan mai saye, wani da sunan yaronsa, wani ta hannun mai POS, ga kuma la'adar dillali da kuɗin lodi da na direba da ake cirewa tun a hanya. Na buɗe masa jadawali a Excel, kowace mota da layinta, ina amfani da SUMIFS wajen tara abin da kowane mai saye ya biya, sannan duk ƙarshen wata in karɓo bayanin asusunsa daga banki in gwada shi da littafi, alat bayan alat. Yanzu in ya ce yana bin wani bashi, akwai rana da adadi da rasit a rubuce, kuma gardama tsakaninsa da abokan hulɗarsa ta ragu ƙwarai.

Wannan aiki ne ya haifar da binciken kammala digirina, wanda nake yi a kan yadda tsarin biyan rance wata-wata yake cin karo da kuɗin shigar 'yan kasuwar amfanin gona a Sakkwato. Albasa na arha lokacin da ake cire ta da rani, ba ta yin tsada sai damina ta yi nisa. Wanda ya saya ya ajiye yana iya yin watanni ba kwabon da ya shiga asusunsa, alhali jarinsa na nan a rudu. A ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya IFRS 9, wadda ta fara aiki a 2018, rancen da biyansa ya yi jinkiri fiye da kwana 30 ana ɗaukar haɗarinsa ya ƙaru sosai, in ya haura kwana 90 kuma ana ɗaukar mai shi ya gaza, sai in akwai hujjar da ta nuna akasin haka. Ke nan banki zai ware kuɗin tanadin asara a kan mutumin da ba shi da niyyar cin bashi, shi kuma sunansa ya ɓaci a wajen masu ba da rance. A ganina ana iya kauce wa da yawa daga cikin irin wannan tun ranar da ake tsara rancen, in jami'in banki ya san lokacin da kaya ke fita da lokacin da kuɗi ke dawowa, ya kuma lissafa da abin da ruɓewa ke ci a ajiya.

Sai dai duk abin da na sani daga ɓangaren ɗan kasuwa na san shi. Ban taɓa ganin yadda ake tantance mai neman rance daga cikin banki ba: yadda ake auna jingina, yadda ake duba tarihin bashinsa ta lambar BVN, da abin da mai binciken cikin gida yake nema a fayil kafin ya sa hannu. Wannan ne nake son koyo a hannun waɗanda suke yin sa kullum. Ina kuma bibiyar umarnin da Babban Bankin Nijeriya ya bayar a watan Maris na 2024, na ƙara jarin bankunan kasuwanci zuwa naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa, biliyan 200 ga na ƙasa, biliyan 50 ga na shiyya, kafin ƙarshen Maris na 2026. Jarin da aka tara dole a nema masa inda zai yi aiki, kuma ina da yaƙinin kasuwanni irin su Kara da Acida da Illela suna cikin wuraren da suka cancanci a duba.

Akwai wani abin da nake ganin zan iya taimaka wa reshenku da shi tun makon farko. Mutanenmu da yawa, musamman dattawa da matan aure masu sana'a a cikin gida, ba ƙin banki suke yi ba. Wasu tsoron kuɗin ruwa ne ya hana su, wasu kuma ba a taɓa zaunar da su an yi musu bayani da harshen da suke ji ba. Na yi darasin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, zan iya bayyana bambancin murabaha da ijara da rancen da aka saba, da Hausa ko da Turanci. Na sha ganin yadda hankalin mai adashi ke kwanciya in aka gaya mata cewa hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiya a bankunan kasuwanci zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya tun 2024.

Na san aikin ɗan koyo ya haɗa da jera fayil, duba takardun buɗe asusu da tsayawa har sai lissafin kashiya ya daidaita, ko da magariba ta yi. Zan yi su da zuciya ɗaya. Riƙe littafin kawuna ya koya mini cewa kuɗin mutum sirrinsa ne, ko a cikin gida ba na faɗa wa kowa abin da ke asusunsa, kuma haka zan riƙe amanar abokan hulɗarku.

Zan iya fara aiki da zarar na gama jarrabawar ƙarshe, kuma ba ni da wani uzuri kafin a kira mu hidimar ƙasa. A Sakkwato nake zaune tare da iyayena, sun kuma amince in je kowane reshe a cikin jihar in buƙata ta taso. Na haɗo da takardar tarihin karatuna, wadda ke ɗauke da lambar wayata, da sakamakon jarrabawata, da takardar shaida daga malamin da ke duba bincikena. In kun so ganin jadawalin da na ambata, kawuna ya yarda in nuna shi ranar ganawa bayan na cire sunayen mutane.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan takarda. Allah Ya ƙara girma, Ya yi jagora.

Taku mai biyayya,

Nafisa Umar
Sashen Akanta, aji huɗu
Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato